Faransancin da ya ƙare a teburin mai shayi

Kun dai san Alhajin atamfa na Maigatari, kun san ni ke gyara masa saƙonnin da yake tura wa masu kaya a Lome ta ƙasar Togo, wai don na yi difloma. Faransancinsa na tasha ne, a Magarya ya tsinto shi. Ga abin da ya nuna min ranar Laraba:

"slt patron cv? envoi moi 200 pièce cb? je paye moitié le reste aprè"

Irin wannan ba ya zuwa ofis. Na cire gaisuwar majalisa na sa "Bonjour Madame". Umarnin nan na "turo min" na mayar da shi roƙo: "Pourriez-vous nous faire parvenir une facture pro forma pour 200 pièces ?", wato takardar farashi kafin a biya ko sisi, na ce a rubuta a sefa. Rabin da zai fara bayarwa ya zama "un acompte de 50 %". Inda muka kai ruwa rana shi ne sauran rabin. Na ce, "Alhaji, yaushe za ka cika?" Ya ce in Allah ya hore. Na ce ranka ya daɗe, kamfani kwanan wata yake so. Da ƙyar ya yarda da kwana 30, na rubuta "le solde sous 30 jours".

Saƙo ya yi kyau har ya wuce gona da iri. Ranar Alhamis, kasuwa na ci, muna teburin mai shayi, matar kamfanin nan na Lome ta kira, a zatonta Alhaji sakatare ya ɗauka. Ya buɗe murya kowa na ji, ya miƙo min waya: "Malam, ga mutanenka."

Jama'a, rubutu daban, kunne daban. Magana take kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Na ce "wi", wato "e". Ta ƙara, na ce "wi madam". Ta jero lambobi, na kamo arba'in, sauran suka wuce. Ta yi shiru tana jira, ni ma na yi shiru, burodi na jiƙe a kofi. Na ɗaga waya sama na ce sabis ne. Sabis a cike yake, kowa ya gani.

Mai shayin nan, ɗan Damagaram, wanda ko aji uku bai yi ba, ya goge hannu a riga ya karɓe wayar. Ashe tambaya take: kuɗin mota daga Lome a wuyan wa yake? Ni kuwa na amsa "wi" sau biyu, a wuyan Alhaji. Shi ya warware, har da dariya da matar. Mutumin da madararsa rabi ruwa ce! Tun azumi nake binsa canjin ɗari biyu, yanzu kuma "Mushe Wi" yake kirana, wato "Malam E", yara sun ɗauka.

Alhaji ya ce in ci gaba da rubutun, kira kuma a kai teburin shayi. Kayan ma ba su iso ba tukuna.