Ku daina cewa laifin iyaye ne: takardar sana'a ce ba ta buɗe ƙofa

Tun da sakamakon shahada, wato jarrabawar gama sakandare ta Sudan, ya fito nake jin wata magana tana yawo, a rediyo, a guruf-guruf na waya, har a zaman makoki: wai iyaye su canza tunani, wai matasanmu girman kai ya hana su koyon sana'a, wai a fita wayar da kai unguwa-unguwa. Wallahi maganar nan ta ishe ni. Kuma abin da ya ƙara tunzura ni shi ne wanda na gani da idona a gidan yayata a nan Madani. Ɗanta ya samu nisba hamsin da 'yan kai, makin da ba zai kai shi wata kulliya ta kirki ba, yaro ne mai hannu, tun yana ƙarami shi yake gyara fanka da motar ruwa a layinsu. Na ce mata, Yaya, me zai hana a kai shi cibiyar koyon sana'a ya karanci lantarki yadda ya kamata? Ta dube ni ta ce, "Ƙanena, in ya gama wa zai kira shi ustaz? A wane daraja za a ɗauke shi aiki?" Yanzu haka maganar da ake a gidan ita ce a jinginar da hawashar mijinta, wato gonarsa ta Jazira, a biya masa wata kulliya mai zaman kanta ya karanta idara, wato harkar gudanarwa.

Raina ya ɓaci da shawarar, amma ban iya ce mata ba ta da hankali ba, don tambayar da ta yi tambaya ce ta gaskiya, kuma masu wayar da kan nan ba su da amsarta.

Mu fara da zancen girman kai, don mu gama da shi da wuri. Mu Hausawan Sudan za a koya wa darajar aikin hannu? Kakanninmu da suka biyo hanyar hajji a ƙafa, da waɗanda suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno, da me suka ci abinci in ba noma da su da ɗinki da ƙira da wanzanci ba? Audugar Jazira tun 1925 hannun wa ta sha? Mutumin da ya tashi a gidan da allura da fartanya suka ciyar da shi ba ya raina sana'a. Abin da yake gudu shi ne ɗansa ya maimaita wahalar da shi ya sha ba tare da wata takarda da za ta tsaya masa ba. Masu kawo mana misalin Jamus kuma su fara kawo albashin Jamus tukuna.

Ƙasƙancin da ake gani, gwamnati ce ta gina shi da hannunta, bulo bayan bulo. Na farko a wajen rabon yara: wanda ya ci maki da yawa ya tafi sakandaren akademi, wanda ya rage a ƙasa a tura shi sakandaren fanni ko cibiyar horo. Shekara da shekaru kana zuba wanda ya kasa a wuri ɗaya, sannan ka yi mamaki don mutane sun ɗauki wurin a matsayin wurin waɗanda suka kasa? Na biyu a wajen aiki: mai digiri yana shiga aikin gwamnati a daraja ta tara, ko da abin da ya karanta ba shi da alaƙa da teburin da aka ba shi, shi kuwa wanda ya yi shekara uku yana koyon lantarki ko walda a cibiya can ƙasa zai fara, kuma hawan nasa a hankali ne. Cibiyoyin ma ba a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi suke ba, ɓangaren ƙwadago ne ke riƙe da su, shi ya sa duk yaron da ya so ya ci gaba da karatu daga can sai ya ga hanyar ƙunci gare ta kamar ramin allura.

Sai babban sara, wanda har yau ba mu warke ba. A 1990, da sunan juyin juya halin ilimi mai zurfi, aka ɗauki babbar makarantar fasaha ta Khartoum, wadda take fitar da ƙwararrun masu difloma da kamfanoni ke rububinsu, aka mayar da ita Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha, aka kuma bubbuɗe jami'o'i a jihohi. Ban ce buɗe jami'a laifi ba ne, 'ya'yan talakawa da yawa sun samu shiga ta nan. Amma saƙon da ya isa kowane gida shi ne: ita kanta makarantar fasahar ba ta cika ba sai da ta zama jami'a. To in gwamnati ta faɗi haka da aikinta, me kake so yayata ta fahimta?

Amma abin da ya fi damuna, kuma shi ne ba na jin kowa yana faɗa, shi ne kasuwa ma ba ta bambanta wanda ya koya da wanda ya gani ana yi. Bari in ba da misali da abin da ke gaban kowa yanzu, wato sola. Tun da yaƙin 15 ga Afrilu 2023 ya lalata layukan wuta, aka kwashe tiransifoma da wayoyi, duk wanda ya dawo gida kuma yake da ɗan hali sola yake sakawa. Maƙwabcina ya saka, inbata mai wat 3000 da batura na bolt 24. Wanda ya haɗa masa yaro ne mai ƙoƙari, ya yi wata uku yana bin wani usta yana riƙe masa tsani, sai ya sayi sukundireba ya fara karɓar aiki. Da rana komai lafiya. Bayan magariba, in aka kunna firij da motar ruwa, uwargida ta jona dutsen guga, sai inbata ta fara kuka tana nuna batir ya yi ƙasa alhali ya wuni yana caji. Yaron ya ce baturan ne jabu. Saura kaɗan mutumin ya sake zuba kuɗi a sabbin batura.

Wanda ya gano matsalar wani dattijo ne da ya yi cibiyar horo ta Jamusawa a Khartoum tun yana saurayi. Bai taɓa baturan ba ma. Ya ce a kunna kayan duka, ya jira minti goma, ya ɗora hannu a kan wayar da ta taso daga batir zuwa inbata, ya ce wa maigidan, "Alhaji, taɓa nan." Waya ta yi zafi, bakin kusoshin ya fara baƙi. Sai ya ɗauki biro ya yi lissafin a bayan kwali: kayan da ke kunne sun kai wat 2000, in ka raba da bolt 24 ka samu amfiya sama da 80, in ka ƙara abin da inbata ke ci da kanta ya doshi 90. Wayar da aka saka mai kauri mili 10 ce, wadda abin da za ta ɗauka cikin kwanciyar hankali bai wuce amfiya 60 ba. In kuwa aka ɗora wa inbatar cikakken ƙarfinta, 3000 a raba da 24, amfiya 125 ke nan, wannan sai waya mai mili 35, kuma gajera. Siririyar waya tana shanye wani ɓangare na ƙarfin ta mayar da shi zafi, sai abin da ya isa inbata ya ragu, ita kuma ta ɗauka batir ne ya mutu. Ga shi babu fiyus ko ɗaya tsakanin batir da inbata, wato da robar wayar ta narke ta haɗu, babu abin da zai yanke wutar, kuma ɗakin da yara ke kwana ne a gefe.

Rabawa ɗaya ce fa, lissafin da ɗan firamare zai iya. Amma sanin cewa a nan ne ake yin rabawar, da sanin a ina za ka ɗora hannu, shi ne abin da ake zama a aji da warsha a koya, ba a tsintarsa a gindin tsani. To ga inda zancen yake: dattijon nan da yaron nan, a idon mai gida kafin abin ya faru, duk "mai sola" ne. Babu wanda ya tambayi ɗayansu takarda. Yaron ma ya fi samun aiki don ya fi araha, kuma arahar tasa daga siririyar wayar take fitowa. Likita ba ya buɗe asibiti sai da rajista, lauya ba ya tsayawa gaban alƙali sai da lasisi, shi ya sa takardunsu ke da nauyi. Mai lantarki kuwa, wanda kuskurensa zai iya ƙona gida da mutanen ciki, kowa ma zai iya wayar gari ya ce shi ne. In shekara uku a cibiya da wata uku a gindin tsani kuɗinsu ɗaya a kasuwa, wane uba ne zai zaɓi shekara ukun? In zai kashe shekaru, gara ya kashe su a inda aƙalla za a kira ɗansa ustaz ranar neman aure.

Shi ya sa nake cewa masu yawon wayar da kai suna ɓata mana lokaci, kuma suna ɗora wa talaka laifin da ba nasa ba. Yawancinsu 'ya'yansu suna karanta likitanci ko injiniya, wasu a Masar wasu a wani wurin, sannan su zo su tsaya gaban matan da suka yi gudun hijira suka dawo suka tarar da gida babu ko ƙofa, suna gaya musu wai su rage buri. Wannan rashin kunya ne. Kai da ka yarda sana'a daraja ce, fara kai naka.

Abin da ya kamata a yi ba ɓoyayye ba ne. A ce haɗa wutar gida da sola sai mai shaida, a buɗe jarrabawar gwaji ga ustocin da suka koya a mantiga, wato unguwar masu gyare-gyare, don su ma su samu shiga. A ɗaga matakin da mai diflomar sana'a ke fara aiki. A faɗaɗa hanyar da zai bi ya ci gaba da karatu in ya so. Yadda za a tsara wannan aikin masu ofis ne, su aka ba kujerun.

Ni dai na koma wajen yayata jiya, na roƙe ta ta bar hawashar nan, ta ba ni yaron shekara ɗaya in haɗa shi da dattijon kafin a ga yadda rajistar cibiya za ta kasance. Ta ce za ta yi shawara da babansa. Da zan fita ta sake tambayata, "To ita takardar, in ya samo ta, wa zai nema a wajensa?" Na tsaya a bakin ƙofa ban ce komai ba.