Kati na ƙarewa ba ka kira kowa ba

Wai don Allah har yaushe za a riƙa tsotse mana kuɗin waya ne? Ka sa katin ₦500 da safe, kafin la'asar ka danna *310# ka ga saura ɗari huɗu da wani abu, alhali ko filashin ba ka yi wa kowa ba.

Yawanci ba satar kati ba ce, rajista aka yi maka a wani sabis, irin su waƙar da mai kiranka ke ji, ko tes na sakamakon ƙwallo, ko wasan kacici-kacici. Wani talla ne zai faɗo a fuskar waya kana sauri ka danna OK, shi ke nan ka shiga, kuma kullum sai ya sabunta kansa. In naira 20 ce a rana, a wata ɗari shida kenan, kuɗin adaidaita daga Kabuga zuwa Kwari har da canji. Abin da ya fi ƙona min rai, iyayenmu da ba sa karanta tes su aka fi ci.

Danna *305# za ka ga duk abin da aka maƙala wa layinka, ka soke su ɗaya bayan ɗaya, ka jira tes ɗin tabbaci, in bai zo ba to ba a soke ba. Sannan ka tura STOP zuwa 2442 a daina turo maka tallan. In sun ci gaba da cira ka kira kamfanin layinka a 300 ka karɓi lambar ƙorafi, in sun yi biris kuma ka kira NCC, hukumar da ke kula da kamfanonin sadarwa, a 622 ka ba su lambar.