Dalilin da ya sa faifai yake riga zobe isa ƙasan gangara

“A gwajinmu mun mirgina faifai da zobe a kan katako mai gangara, faifan ya riga isa ƙasa. Ashe ba don ya fi nauyi ba ne?”

Nauyi ba shi ne dalili ba, domin idan aka ɗauki faifai biyu cikakku, babba na ƙarfe da ƙarami na katako, aka sake su tare, kusan a lokaci guda za su iso. Abin da yake bambanta faifai da zobe shi ne inda nauyin kowanne ya taru. Duk abin da yake mirginawa yana raba kuzarin da ya samu daga tsayin gangarar gida biyu, wani kaso na tafiya gaba, wani na juyawa. Zobe, wanda dukkan nauyinsa yake a bakin da'ira nesa da tsakiya, yana kashe rabin kuzarinsa wajen juyawa, alhali faifai sulusi kawai yake kashewa, don haka abin da ya rage masa na tafiya ya fi yawa.

A kan katako mai tsawon mita 1 da aka ɗaga kansa ɗaya da santimita 10, lissafi yana ba faifai kimanin daƙiƙa 1.75, zobe siriri kuma kimanin daƙiƙa 2.02. Tazarar ba ta kai sulusin daƙiƙa ba, shi ya sa jinkirin yatsa a kan agogo yake iya ɓata sakamakon, sai an maimaita awon an ɗauki matsakaici. Idan kuma gangarar ta yi tsanani har suka fara zamewa, tazarar za ta ragu, wannan lissafin kuma ba zai yi aiki ba.