Ga mai koya wa mutane sana'a, imel ɗaya ya gagare shi

Akwai wani gwani a cikinmu masu aikin ƙashin kai, wanda kullum yake buɗe aji yana koyar da yadda ake hulɗa da kamfanoni. Sati uku ke nan yana zagaye gari wai ya mayar wa kamfani kuɗi, sashen kuɗinsu ko na gode. Ban kama suna ba, mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Aikin ₦400,000 ya yi. Suka cire harajin kashi 5, suka turo ₦380,000, sai kuskure ya sa suka sake turowa. Ya mayar da ₦380,000, madalla. To amma daga asusunsa na kansa ya tura, alhali sunan kasuwancinsa ne a takardar neman biya, kuma ya bar gurbin Narration fayau. Akanta ya ga kuɗi daga baƙon suna, ba lamba ba bayani, sai ya jinginar da su cikin kuɗin da ba a san mai su ba har ƙarshen wata, lokacin daidaita littafi da bayanan banki. Shi kuwa gogan imel ɗinsa layi ɗaya ne, "Na turo, ku duba", da hoton alat. Ga manajan aikin ma ya aika, wanda bai taɓa leƙa asusun kamfani ba.

Malam, alat ɗin cire kuɗi shaida ce kawai ta cewa sun fita daga wajenka. Taransifa kan maƙale ta dawo, don haka fara duba bayanan asusunka tukuna. In ba su dawo ba, rubuta wa sashen kuɗi kai tsaye, manajan ya zauna a CC. A Subject ka sa lambar takardar neman biyan da adadin kuɗin. A ciki ka faɗi ranar da ka tura da lokacin, sunan asusun da suka fita, banki da asusun da suka shiga, sannan Session ID, lambobi 30 ɗin nan na jikin rasit. Da su bankinsu zai gano kuɗin. Rasit ɗin cikakke za ka liƙa, ba guntun hoton da ka yanke wa gindi ba.

Ka kuma faɗi abin da kake nema: su tabbatar a rubuce cewa kuɗi sun shigo, su soke biya na biyu a littafinsu, su duba ko an rubuta harajin ₦20,000 sau biyu da sunanka. Ba su kwana biyar na aiki. In shiru, ka tuna musu a ƙarƙashin wancan imel ɗin, kada ka buɗe sabo.

Ranar Asabar ma an ce akwai aji, kujera ₦10,000.