Furfurar gado ba ta jin bitamin, samari ku daina ɓarnar kuɗi

Jiya da yamma a shagon aski na ga abin da ya ɓata min rai. Wani yaro da bai wuce 26 ba ana gyara masa fuska, ya zaro leda daga aljihu yana nuna mana robobi uku na bitamin da ya saya dubu 18 wajen wani mai talla a waya, wai an ce wata uku kawai furfurar da ta fito masa a gefen kunne za ta koma baƙa. Na ce masa babanka fa, yaushe ya fara? Ya ce ai tun a hoton aurensu kansa da fari-fari. To ɗan uwa me kake nema kuma? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ku tsaya ku ji yadda abin yake. A gindin kowane silin gashi akwai ƙwayoyin halitta masu yin melanin, sinadarin da ke rina gashin tun yana cikin fata, kuma suna da ma'ajiya da ake ɗebo sababbi duk sanda gashi ya zube wani ya tsiro. Ran da ma'ajiyar ta ƙare gashin zai ci gaba da fitowa lafiya lau amma babu launi. Lokacin ƙarewar nan yawanci gado ne, daga uwa ko uba. Mu baƙar fata galibi sai an haura 40 take farawa, shi ya sa likitoci ke kiranta ta wuri in ta zo kafin 30. Idan ta gado ce babu ƙwayar da za ka haɗiya ta sake cika ma'ajiyar, ruwa kawai kake zubawa a kwando.

Damuwa kuma gaskiya ce tana da hannu. A 2020 masu bincike a Jami'ar Harvard sun nuna a jikin ɓeraye cewa tsananin tashin hankali na sa jijiyoyi su saki sinadarin da ke kwashe ma'ajiyar nan gaba ɗaya. A 2021 wasu a Jami'ar Columbia suka bi gashin mutum 14 sili-sili, suka ga 'yan silin da suka koma baƙi bayan mai su ya samu kwanciyar hankali. 'Yan sili fa, ba kai guda ba. Amma kai da kake kwana kan waya har biyun dare, ga bashin caca, ga sigari da shisha (shan sigari ma an danganta shi da furfurar wuri), wai robar dubu shida ce za ta gyara ka?

Inda bitamin ke aiki wuri ɗaya ne, in da gaske jikinka ya rasa shi, musamman B12. Rashinsa kuma ba ya zuwa da furfura kaɗai, za ka ji kasala, haki in ka hau bene, tafin ƙafa da yatsu suna maka kamar ana tsira allura, harshe ya yi sumul yana zafi. Ya fi kama wanda ba ya samun nama, kifi, ƙwai ko nono, da wanda ya daɗe yana shan metfomin na suga ko omefirazol na olsa, da wanda cikinsa ba ya iya tsotsar bitamin ɗin. Ciwon tayiroyid, wata halitta da ke gaban wuya, shi ma na kawo furfura. Gwajin jini ne ke rabe wannan, mai tallan nan kuwa ko fuskarka bai gani ba. Ko an dace ma launin daga gindi yake dawowa, gashi kuma bai fi santimita ɗaya yake tsiro a wata ba, wanda ya riga ya fito fari ya fita kenan.

Na tambayi yaron yana jin ko ɗaya cikin alamun nan, ya ce ƙalau yake, ƙwallo ma yake bugawa. Na karɓi roba ɗaya na duba, bayotin ne mai yawa, wato bitamin B7. Wannan bayan ba ya maida furfura baƙa, yana rikita sakamakon gwajin tayiroyid da na bugun zuciya a lab, har hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2017. Garin neman gira kenan.

Wallahi abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne kunyar da muke ji. Da can mai furfura ake tashi a ba tabarma, iyayenmu in sun ga dama su shafa jan lalle a gemu su fita abinsu, ba wanda ke tsigewa. Yanzu sili uku sun fito sai a rufe kai da hana-sallah, a kwaɓa baƙin rini mai PPD, sinadarin da fatar wasu ba ta ɗauka, ba tare da an gwada a bayan kunne an jira kwana biyu ba, gobe a tashi goshi a kumbure. 'Yan mata ma ba a bar su a baya ba, kuɗin adashe guda a kan robobi.

Yaron dai ya maida ledarsa aljihu ya ce tunda ya riga ya biya sai ya shanye. Mai askin da ya haura 50, kansa fari tas, ya yi dariya ya ce ya sunkuyo ya ƙarasa masa ƙeya.