Yaron da ya ƙi makaranta, ya kuma ƙi ƙwallo

Wani maƙwabcina a Agege, mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ya tare ni bayan isha'i ya ce: "Malam, yaron nan ya fi ƙarfina. Na yi faɗa, na yi duka, abin sai gaba yake yi." Ɗansa mai shekara 15 ya yi mako shida yana ƙin zuwa makaranta. Da safe sai ya ce kansa na sarawa, cikinsa na murɗa. Ƙanwarsa ta taɓa masa littafi ya daka mata tsawa har ta firgita, mahaifiyarsa ta yi magana ya buga ƙofa. Sau biyu ana sayo masa maganin zazzaɓin cizon sauro da taifot a kemis, babu sauyi.

Na tambaye shi ko yaron yana fita ƙwallo ranar Asabar. Ya yi shiru, sannan ya ce rabon takalman ƙwallon da ƙafarsa tun kafin abin ya fara.

A ganina wannan tambaya ce ya kamata iyaye su fara yi kafin su ɗauki bulala. Yaron da ke gudun makaranta don shashanci yakan sa kayan makaranta ya fita, ya ɓoye wa iyayensa, ya wuce gidan kallo, kuma yana cikin walwalarsa. Wanda tsoro ke hana shi, ko don ana cin zalinsa a aji ko don fargabar jarrabawa, ciwon cikinsa yakan lafa da zarar an ce ya zauna a gida, ranar Asabar kuwa garau yake. Amma wanda ciwon damuwa ya kama, abin ba ya sanin ranar hutu. Makaranta ta fita ransa, ƙwallo ma haka, abokai ma haka, har abincin da yake so.

Abin da ke ruɗa mu shi ne muna jiran mu ga hawaye. Babba mai ciwon damuwa yakan ce ransa a ɓace yake. Matashi sau da yawa bai san sunan abin da ke cin sa ba, sai ya fito a matsayin ƙunci da saurin fushi. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa ke amfani da shi, DSM-5, ya faɗi ƙarara cewa a yara da matasa saurin fushi na iya tsayawa a madadin baƙin ciki. Sharaɗin shi ne a samu aƙalla alamu 5 cikin 9, kusan kullum, na tsawon mako 2 ko fiye, kuma su sauya yaron daga yadda aka san shi. Cikinsu akwai rikicewar barci, raguwa ko ƙaruwar cin abinci, kasala, kasa tattara hankali, ganin kai ba komai ba, da tunanin mutuwa.

Na san za a ce yaran Legas duk a gajiye suke. Gaskiya ne, wanda ke tashi ƙarfe biyar don ya samu danfo dole ya yi ƙunci. Ƙarancin jini da shan tiramol ma suna kawo irin wannan sauyi, shi ya sa ba na son uba ya yanke hukunci da kansa, ko na taurin kai ko na ciwo. Amma duka ba ya tantance komai. Yaron da tuni yake ganin kansa a matsayin kaya a wuyan iyayensa, bulala tabbatar masa take yi.

Da na zauna da yaron a bakin shago, ban tambaye shi dalilin ƙin makaranta ba. Na tambaye shi barcinsa. Ya ce: "Kawu, ƙarfe uku nake farkawa, shi ke nan. Malami na magana ba na riƙe komai." Na tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa jin gara ya mutu. Wannan tambaya ba ta cusa wa yaro tunanin da ba shi da shi, kuma idan amsar e ce, a ranar za a kai shi asibiti, a kuma kawar da magunguna da fiya-fiya daga inda hannunsa zai kai.

Legas ba ta rasa wurin zuwa ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen yara da matasa a Oshodi, akwai kuma asibitocin koyarwa na jami'a, LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja. Yawanci da zaman tattaunawa ake farawa, tare da iyaye. Idan ciwon ya yi nauyi likita na iya ba da maganin fuloksetin, wanda kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninsa, kuma makonnin farko ana sa wa yaron ido sosai. Addu'a da tofi ba su hana wannan ba.

Komawa makaranta kuwa ba a jira sai ya warke sarai, domin kowane mako a gida ƙara wa ƙofar aji nauyi yake yi. Maƙwabcin nawa ya roƙi shugaban makarantar ya bar yaron ya riƙa zuwa rabin yini, ba tare da an tsayar da shi gaban ɗalibai an tuhume shi ba. Mako na farko kwana biyu ya je, na biyu kwana huɗu.