Saurayin Labarin Nan Sa'a Ya Ci

Akwai wani salon gajeren labari da ya zama yayi a 'yan kwanakin nan, kuma yabon da ake zuba masa ya fara ƙona mini rai. Saurayi ne ya wayi gari fitsari na yi masa zafi, wani farin ruwa mai kama da mugunya na fita daga gabansa. Kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Ya yi makonni yana ɓoyewa, yana shan ragowar kafso da wani aboki ya ba shi, har sai da maraininsa ɗaya ya kumbura, tafiya ta gagara. Nan ne ya je asibiti, likita ya karɓe shi da fara'a, aka yi masa allura, ya koma gida yana murmushi. Masu karatu suka ce madalla, labari ya ƙare lafiya.

Ni ban ga abin madalla ba. Abin da labarin ke koyarwa a fakaice shi ne jinkiri ba ya da tsada, duk ranar da ka ga dama ka je, sauƙi na nan yana jiranka. Wannan ƙarya ce.

Alamomin da aka ba saurayin na ciwon sanyi ne, wanda likitoci ke kira gonoriya, kuma sau da yawa yana zuwa tare da wata cutar jima'i mai suna kilamidiya. Da ya je a makon farko, abin bai taka kara ya karya ba. Za a yi masa tambayoyi, a karɓi fitsarinsa ko a ɗebi ɗan ruwan a gwada, a yi masa allurar seftiriyakson guda ɗaya, a haɗa masa da ƙwayar dokisisaikilin sau biyu a rana na kwana 7. Shi ke nan. To amma ƙwayar cutar ba ta zama wuri ɗaya tana jiran mutum ya gama jin kunya. Tana bin hanyar fitsari ta isa bututun da ke bayan maraini inda maniyyi ke taruwa, shi ne kumburin da ya kai shi ƙasa. Idan ciwon ya daɗe yana iya barin tabo a wannan bututu ya taɓa haihuwa, ko ya tsuke hanyar fitsari ta yadda bayan shekaru fitsari zai riƙa fita a siririce, sai an yi aiki. Kafson abokin kuwa ya fi komai haɗari, domin yakan rage zafin, mutum ya ɗauka ya warke, alhali cutar na nan.

Sai kuma wadda ya ɗauko ciwon daga gare ta, ko wadda ya shafa wa. Marubutan nan sukan manta da ita gaba ɗaya, kamar daga sama ciwon ya faɗo. Mata da yawa suna ɗauke da shi ba tare da wata alama ba. In ba a yi mata magani ba, kuma ba su ƙaurace wa juna na kwana 7 bayan maganin ba, saurayinmu zai sake komawa gaban likitan nan mai fara'a.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaron da zai karanta labarin, daga baya ya farka tsakar dare da matsanancin ciwo a maraini ɗaya, farat ɗaya, har da amai, marainin ya ɗage sama. Wannan yana iya zama murɗewar maraini, inda igiyar da ke kai masa jini ta nannaɗe. An fi ganinsa a samari masu tasowa, kuma babu ruwansa da jima'i. Kimanin awa 6 ake da su a yi tiyata a warware shi. In an kwana an yini, galibi sai dai a cire. Wane darasi wannan yaro ya ɗauka daga jarumin da ya yi makonni yana ɓoyo ya kuma tsira ƙalau?

Masu kare irin labarin suna cewa ai ƙarfafa gwiwa ake yi, bai kamata a tsorata matasa ba. Ƙarfafa gwiwar da aka gina a kan ɓoye gaskiya yaudara ce kawai.

Ban ce a kashe saurayin a ƙarshen labari ba. A bar shi ya samu sauƙinsa, amma a nuna abin da jinkirin ya ci masa. A shigar da mai karatu ɗakin likita ya ga cewa dubawar 'yan mintoci ce, kuma sirrinsa amana ne a hannun likitan. Marubucin da zai taɓa irin wannan batu kuma ya fara zama da ma'aikacin lafiya kafin ya ɗauki alƙalami.